Yadda muka cire "Sha kuruminka" daga jikin motar ɗaukar gawa

Ni na rubuta taken nan da hannuna a shekarar 2016, don haka ba ni da wanda zan ɗora wa laifi. Sana'ata rubuta talla ce: ina tsara kalmomin da ake karantawa a rediyo, da waɗanda ake rubutawa a allon shago da jikin mota. A wancan lokacin mahaifin wani abokina, wanda nake kira Baba, yana da bas guda biyu ƙirar Hayis da rumfuna da kujeru da yake bayarwa haya a nan cikin Kano. Aikinsa na biki ne da suna. Motocinsa ke kai kayan ɗaki, su kuma kwashi 'yan kai amarya su mayar da kowa unguwarsu bayan isha. Ya ce in nemo masa maganar da mutane za su riƙe, na kawo masa "Sha kuruminka, mu kai ka gida!" Aka rubuta da jan fenti a kan ruwan ɗorawa, da alamar motsin rai a ƙarshe. Taken ya karɓu, har yara na rera shi idan motar ta shigo layi.

Abin da ya sauya sana'ar shi ne watan Afrilu na 2020. Duk wanda yake Kano a lokacin ya san yadda aka yi ta rasa dattawa a jere, ga dokar kulle, ga azumi ya kama. Biki ya tsaya cak, motocin Baba suna ajiye. Maƙwabta suka fara zuwa aron ɗaya don kai mamaci maƙabarta, ya cire kujerun baya don makara ta shiga. Da aka buɗe gari sai ya ga buƙatar ba ta tafi ba. Unguwanni sun yi nisa da maƙabartu, kuma wanda ya rasu a asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano dole a nemi motar da za ta kawo shi gida a yi masa wanka. Sannu a hankali ya koma wannan hidimar gaba ɗaya: mota, makara, likkafani da yake sarowa a Kantin Kwari, garin magarya da kafur da turare, sai rumfa da tabarmi na zaman makoki. Komai ya sauya ban da rubutun jikin motar. Ido ya saba da shi har ba ma ganinsa.

Wani dattijo ne ya sa muka gan shi. An kai ƙaninsa maƙabartar Dandolo da ke Goron Dutse, ina cikin masu rakiya saboda mamacin ɗan unguwarmu ne. Ana sauke makara sai na lura da wasu samari biyu a bakin ƙofa suna nuna wa juna rubutun, ɗaya ya ɗaga waya ya ɗauki hoto, suna ta ƙoƙarin danne dariya. Dattijon ya bi idonsu da kallo har ya kai kan rubutun. Na ga leɓensa yana motsi yana karantawa a hankali, kalma bayan kalma. Bai yi faɗa ba. Bayan an shafa addu'a ya ja direban gefe, ya ce, "Yaro, ka gaya wa maigidanka ƙanina ba abin wasa ba ne." Ina tsaye kusa da su, kuma na san kalmomin da suka sosa masa rai nawa ne. A daren nan na je wajen Baba.

Ba nan take aka yarda da ni ba. Abokina, wanda shi ke riƙe da lissafin kasuwancin yanzu, ya ce taken shi ne jarinsu. Mutane ba sa kiran sunan shagon, cewa suke "a kirawo Sha Kuruminka". Yana da gaskiya a nan, domin sunan da mutane suka laƙaba maka da kansu ba a sayensa da kuɗi. Ya kawo shawarar a bar rabin farko a sauya na biyu. Baba ya yi shiru yana jan carbi, can ya ce, "Ranar da aka kai mahaifiyarku, da wani ya ce maka sha kuruminka, me za ka ji?" Abokina bai amsa ba. Baba ya juyo gare ni, ya ce, "Kai ka ɗaura, kai za ka kwance. Amma kada ka kawo min maganar da za ta sa a ce ina neman mutane su mutu don in ci abinci."

Abu na farko da na yi shi ne na zauna na warware tsohon taken don in san ainihin inda ciwon yake, domin idan ban sani ba zan iya maimaita shi da wasu kalmomi. Na tarar ba "sha kuruminka" kaɗai ba ne. Babbar matsalar ita ce ƙaramar kalmar nan "ka". Lokacin da motar ke ɗaukar 'yan biki, "ka" tana nufin fasinja mai rai da ke jin ana zolayarsa yana murmushi. Yanzu fasinjan mamaci ne, don haka maganar ta koma ana yi da gawa, ko kuma, abin da ya fi muni, ana yi da duk wanda ya karanta a kan titi, kamar ana ce masa kai ma muna jiranka. Ita ma "gida" ta rikiɗe, tunda a bakin Bahaushe wanda ya rasu ya riga mu gidan gaskiya ne. Wannan harshen damon shi ya ba samarin nan dariya. Sai kuma sigar umarni da alamar motsin rai, waɗanda muryar ɗan kamasho ce a tasha. Daga nan na rubuta wa kaina tambaya ɗaya a saman takarda: da wa motar nan take magana?

Amsar ba ta zo min a kan tebur ba. Na roƙi direban ya riƙa kirana idan an fita aiki, na bi shi jana'iza uku a cikin mako biyu, ɗaya a Tarauni, biyu a Ƙofar Mazugal. Ba rubutu na je yi ba, sauraro na je yi. Abin da na fara lura da shi, duk da na taso ina jinsa, shi ne yadda mutane ke kauce wa kalmomi masu kaifi ba tare da sun yi shawara ba. Babu wanda ya ce wane ya mutu, sai dai Allah ya yi masa rasuwa, ko an yi rashi, ko lokaci ya yi. Direba da masu haƙa suna cewa "gawa" a tsakaninsu, amma da zarar ɗan mamaci ya matso sai su koma "mamacin" ko "Baba" ko "Hajiya". Ba a cika cewa za a binne shi a gaban iyalansa ba, cewa ake za a kai shi makwancinsa, ko za a rufe shi. Wanka da likkafani kuwa duk an haɗe su a kalma ɗaya mai laushi, sutura.

Na kuma lura da gajartar maganar. Mai ta'aziyya zai durƙusa ya ce, "Ya haƙuri?" a ce masa, "Da godiya." Ya ce, "Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya kyautata namu zuwan." A ce amin, a yi shiru. Babu karin magana, babu azanci, babu wanda ke nuna ya iya Hausa. Wannan ya yi min nauyi ƙwarai, domin duk abin da na iya a sana'ata shi ne in sa magana ta yi zaƙi ta maƙale a kunne, ga shi na zo wurin da zaƙin magana kansa rashin ladabi ne.

Duk da haka zubin farko da na yi kuskure ne, kuma irin kuskuren da kusan kowa ke yi idan an ce masa ya sa magana ta yi nauyi. Na ɗauka mutunci yana cikin manyan kalmomi, sai na jibgo Larabci da wa'azi. Na rubuta "Kullu nafsin za'ikatul maut" a sama, da fassararta a ƙasa. Na rubuta "Duniya ba matabbata ba". Na rubuta "Rakiya zuwa gidan rahama". Na ɗauki takardar na kai wa limamin masallacin unguwarmu bayan sallar asuba, ina jin na yi abin kirki.

Malam ya karanta, ya ajiye takardar a kan buzu, ya ce, "Ɗana, ayar gaskiya ce, amma ka tuna inda za ka ajiye ta." Ya ce jikin mota yana shan ƙura da taɓo, yara na jingina da shi, ana wanke shi da ruwan da ke gangarawa kwata, kuma duk abin da aka rubuta a mota gobe za a buga shi a takardar talla da za ta ƙare a ƙasa ana takawa. Bai ce haramun ne ba, ya dai ce shi ba zai so ba, musamman a ce lambar wayar ɗan kasuwa tana ƙarƙashin aya. Game da "Duniya ba matabbata ba" ya ce wa'azi ne mai kyau, amma wanda ya ɗauko mahaifinsa a makara ba ya buƙatar mota ta tuna masa. Na ukun ne ya fi tsayawa a kai. Ya ce, "Wa ya ba ku labarin gidan rahama za ku kai shi? Mu roƙo muke yi, shi ya sa muke cewa Allah ya sa. Kai kuma ka cire roƙon ka mayar da shi alkawari, ka sa farashi a kai." Ban taɓa kallon abin ta nan ba. Talla ta ginu ne a kan alkawari, ita kuwa wannan sana'a tana bakin iyakar abin da ɗan Adam ba shi da ikon yin alkawari a kansa.

A zaman nan ne ya faɗi abin da ya zama ginshiƙin aikin duka. Ya ce wanke mamaci da yi masa likkafani da sallatarsa da rufe shi farilla ce ta kifaya, wato nauyi ne a kan jama'a, idan wasu suka yi ya sauka daga kan saura. Ya tuna min abin da muka karanta a Risala tun muna yara, cewa ana wanka witiri da ruwa da magarya, a sa kafur a na ƙarshe, a yi salla da kabbara huɗu. Ya kawo hadisin da ya ce wanda ya halarci salla yana da ƙiraɗi ɗaya na lada, wanda ya tsaya har aka rufe yana da biyu. Ya ce saboda haka aikin na iyalai ne da maƙwabta, kuma suna son ladansa. Duk taken da ya ce musu ku zauna mu yi muku komai ya ƙwace musu abin da yake nasu. Nan na gane cewa ko da an cire wasan, "sha kuruminka" ba za ta taɓa dacewa ba, saboda ma'anarta ita ce ka saki komai ka bar mana. A biki wannan alheri ne. A jana'iza kuwa babu ɗan halak da ke son a ce ya sha kuruminsa wasu suka kai ubansa.

Daga nan aikin ya koma neman aikatau ɗaya, kalmar da za ta faɗi matsayin Baba daidai, ba sama da iyalai ba, ba kuma a madadinsu ba. "Mu ɗauke muku" ta yi yawa, ta koma gidan jiya. "Mu taimaka muku" tana da ƙanshin sadaka, alhali ana biyan kuɗi, kuma ba na son a yi wa mutane rufa-rufa a kan wannan. "Mu yi muku hidima" ba ta da laifi, sai dai kowane banki da kowane kamfanin waya haka yake cewa. Kalmar da na tsaya a kanta ita ce "taya". Idan ka taya mutum aiki, aikin nasa ne, yana ciki, kai hannu ka sa. Kuma kalma ce da ta riga ta zauna a bakin masu ta'aziyya, tunda ana taya mutum jimami kamar yadda ake taya shi murna.

Amma "taya" tana da nata haɗarin, kuma na san bayan abin da ya faru ba ni da damar sake barin ƙofar harshen damo a buɗe. A rubuce, inda ba a nuna karin sauti, "taya" tana iya zama ƙafar mota, ga shi kuwa a jikin mota za a rubuta. Tana kuma iya zama tayin ciniki, irin na "nawa ka taya". Da na rubuta "Masu taya ku" kawai, wani zai iya karkatar da ita. Maganinsa shi ne kada a bar ta ita kaɗai, a bi ta nan take da aikin da ake tayawa, yadda mai karatu ba zai sami sararin juya ta ba. Haka na riƙa yi da kowace kalma: in rubuta ta, in tambayi kaina yadda ɗan zaman majalisa mafi iya shaƙiyanci zai karanta ta, in ga ko ta tsira.

Na fito da zubi uku. Na farko, "Muna taya ku kai shi makwanci cikin mutunci". Na biyu, "Muna taya ku raka naku cikin natsuwa". Na uku, "Muna taya ku suturta naku cikin mutunci". Na sauya "mu" zuwa "muna" da gangan, don "mu taya ku" tayi ne, kamar mai kiran ciniki, "muna taya ku" kuwa bayani ne na abin da ake yi, ba ya kiran kowa. Na mayar da "ka" ta zama "ku", wadda jam'i ce ga iyali kuma girmamawa ce ga mutum ɗaya.

Wadda ta yanke hukunci a kansu wata tsohuwa ce da ta daɗe tana yi wa mata wanka a unguwar su Baba, kowa Inna yake ce mata. Ba ta karatun boko, don haka na zauna a bakin ƙofar ɗakinta na karanta mata da baki, wanda ya zama gwaji mafi amfani a duk aikin. Ina gama na farko ta ce, "Shi wa? Mu mata ba ma mutuwa ne?" Na manta sam cewa Hausa ba ta barin ka ka ɓoye jinsi, da ka ce "shi" ka fitar da rabin waɗanda motar ke ɗauka. Na tambaye ta ko "naku" ma ba ta da wannan matsalar, tunda mace "taku" ce. Ta ce a'a, idan an ce naka sai naka ai ba namiji kaɗai ake nufi ba, kowa ya san jininka ake nufi. Na biyun ta sa na maimaita sau biyu, sannan ta ce, "Wannan ku-ka-ku ɗin kamar waƙar gaɗa." Ta ji abin da idona bai gani ba: "taya ku raka naku" tana da amsa-amo da bugun da ke sa harshe ya yi tsalle, kuma duk maganar da yara za su iya tafa hannu a kanta ta koma wasa ko da ma'anarta kuka ce. Da na karanta na uku ta yi shiru, ta gyara mayafinta, ta ce, "Sutura ai ita ce magana. Ita kowa ke roƙo, ta duniya da ta ranar." Ta ce wannan za ta iya faɗarsa a tsakar gidan makoki ba ta ji kunya ba.

Wannan ma'aunin nata na riƙe ya zama gwajin ƙarshe: a faɗi taken da murya, a hankali, kamar kana durƙushe a gaban wanda aka yi wa rashi. Idan ka ji kana son rage murya ko ka tsallake wata kalma, to kalmar ba ta da wuri a jikin motar. Abokina ya so a ƙara "cikin gaggawa", kuma hujjarsa mai ƙarfi ce, domin hadisi ya yi umarni da a gaggauta jana'iza, a Kano kuma wanda ya rasu da safe sau da yawa kafin la'asar an kai shi, don haka abin da iyalai suka fi buƙata daga mai mota shi ne ya zo a kan lokaci. Muka gwada da baki, "suturta naku cikin gaggawa", muka ji kamar ana son a rabu da shi ne a huta. Sai muka raba aiki biyu. Take ya ɗauki mutunci, bayanin sauri kuma ya koma layin ƙasa da ƙananan haruffa, "Ana samunmu dare da rana", sai lambar waya. Na koyi cewa ba dole take ya faɗi komai ba, abin da yake bayani ne zalla a bar shi ya zama bayani.

Akwai kalmomin da muka amince ba za su sake fitowa ko'ina ba, ko a allo ko a bakin yaran shago: maraba, rangwame, garaɓasa, sai kun zo, da "kwastoma". Wannan shi ne amsar sharaɗin da Baba ya kafa min tun farko. Duk kalmar da ke nuna murnar samun ciniki, a wannan sana'a tana nuna murnar mutuwa, ko mai faɗarta bai nufa ba.

Wajen mai fenti ma sai da na tsaya a kansa. Ya so ya shafa fari a kan tsohon rubutun ya wuce, na ce a'a. Jan fenti yana da naci, idan aka rufe shi da fari shafi ɗaya ko biyu, bayan 'yan watanni a ranar Kano inuwarsa na iya tasowa, kuma ko launin bai fito ba tudun haruffan yana bayyana idan haske ya bugi motar ta gefe. Ban iya tunanin abin da ya fi muni ba kamar "Sha kuruminka" ta leƙo ta ƙarƙashin sabon take. Aka kankare har ƙarfe, aka shafa fentin ƙasa, sannan aka fesa fari. Rubutun muka yi shi da kore mai duhu, haruffa a tsaye ba masu lanƙwasa ba, tsayinsu kamar inci huɗu, rabin na da. Na ja baya taku ashirin na tabbatar ana karantawa, na ce ya isa, ba a so ya yi ihu daga tsallaken titi. Babu alamar motsin rai, babu hoton komai. Wani abin da ya taimaka shi ne a kalmomi bakwai na taken babu mai ƙugiya ko ɗaya, domin masu fenti da injin buga sitika sukan yar da ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ, ƙasa ta koma kasa, ma'ana ta tafi. Mun kuma bar ƙofar baya fara fat ba rubutu, saboda ita ce masu rakiya ke kallo tun daga gida har maƙabarta, kuma ta nan ake fito da makara.

Maganar rediyo gajeriya ce. Na rubuta sanarwa ta daƙiƙa talatin, murya ɗaya ta dattijo, ba kiɗa, ba maimaita lambar waya sau uku kamar yadda muke yi wa masu maganin gargajiya. Na ba da shawarar kada a sa ta dab da sanarwar rasuwa, ko da yake nan ne ɗan talla zai ce masu buƙata suke, domin mutum ya ji "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un" da sunan wanda ya sani, sai kuma talla ta biyo baya, wannan kamar tsayawa ne a ƙofar gidan makoki da kaya a hannu. Baba ya saurara, daga ƙarshe ya ce a bar rediyon gaba ɗaya, limamai da masu unguwanni da masu haƙa sun san inda yake. Na rasa aikin, amma ina ganin shi ya fi ni gaskiya.

Abin da abokina ya ji tsoro ya faru, ba zan ɓoye ba. Sabon taken ba ya maƙalewa a kunne kamar tsohon, babu yaron da ke rera shi, kuma har yau akwai masu cewa a kirawo Sha Kuruminka. Fenti ba ya goge abin da ke bakin mutane. Abin da muka iya yi shi ne yaran shago su daina amsa sunan da fara'a, idan an kira su amsa da sallama da sunan shagon, su ce Allah ya jiƙan rai, sannan su tambayi unguwa da lokacin da aka sa na salla. Farashi sai an tambaya, ko kuma a yi maganarsa da wani daga cikin dangi a gefe, ba da wanda ke kuka ba.

Kusan wata biyu bayan an gama, ina zaune a shagon, wani mutum ya zo biyan kuɗin rumfa bayan sadakar uku. Yaron ya yage masa rasit, na karɓa don in miƙa masa, sai idona ya faɗa kan layin ƙasa. Tsohon bugu ne na zamanin biki, kuma ni na tsara shi: "Mun gode, sai kun sake zuwa!" Na ninke takardar na sa a aljihu, na ce wa yaron ya rubuta masa a farar takarda. Muka duba kabad muka tarar da sauran littattafai shida, muka kwashe su a ranar. Da za a buga sababbi mai ɗab'i ya tambaye ni abin da za a sa a gurbin layin. Na so in sa "Allah ya ba da haƙuri", sai na tuna maganar Malam a kan takardar da ke ƙarewa a ƙasa. Na ce ya bar wurin fari, yaron da ke miƙa rasit ɗin ya faɗa da bakinsa.